Hana Kwastoma Ragi Ba Tare da Ya Guje Ka ba

A ɗauka ka sari turmin atamfa a Kantin Kwari kan naira 18,000, motar kawowa da lebura suka ci 500, kana sayarwa 20,000. Ribarka 1,500 ke nan. Idan Hajiyar da ta saba saye a wurinka ta taya 17,500, sallamawa cin uwar kuɗi ce, kuma gobe daga wannan farashin za ta fara ciniki, ta kuma faɗa wa ƙawayenta. Don haka ka san iyakarka tun kafin ta zauna. Ka yi mata albarka da sakin fuska, ka ce: “Hajiya, ko sarinsa bai zo haka ba. Saboda ke zan cire 500, iyakata ke nan.” Sannan ka nuna mata wani turmin da kuɗinta zai kai, ko ka ajiye mata wannan har ta cika.

Wani zai ce ai maƙwabci zai sallama mata, ka rasa ta. Yana iya faruwa, amma ba zai daɗe yana sayarwa ƙasa da sari ba. Abin da ke korar kwastoma na gaske shi ne ɗaure fuska, ko ta gano ka rantse da ƙarya a kan kuɗin sari, ko ka ba baƙuwa ragin da ka hana ta. Ka kiyaye waɗannan ukun, za ta dawo.