Ɗaya Yana Ƙwanƙwasawa, Ɗaya Ya Riga Ya Kwanta

Karatu: Waƙar Waƙoƙi 5:2-8, 1 Korintiyawa 7:3-5
Ayar haddacewa: 1 Bitrus 4:8

Gabatarwa

Akwai gidan da ba a dūka, ba a zagi, ba a rasa abinci, mata da miji kuma duka masu tsoron Allah ne, amma kowa yana kwana da ciwo a zuciya. Ɗaya yana cewa, “Ina cikin aure amma ni kaɗai nake.” Ɗayan kuma yana cewa, “Duk abin da na yi bai isa ba.” Ɗaya yana son hira, da zama kusa, da taɓa hannu, da jin kalma mai daɗi. Ɗayan yana ƙaunarsa da gaske, amma kaɗan daga waɗannan ya ishe shi, yana kuma bukatar a bar shi ya yi shiru na ɗan lokaci. A darasin yau ba za mu nemi mai laifi ba. Za mu duba abin da yake faruwa tsakanin mutum biyun, domin a nan ne maganin yake.

1. Abin da ya faru a bakin ƙofa

A nassinmu ango ya zo da dare, raɓa ta jiƙa masa kai, ya ƙwanƙwasa yana kiran amaryarsa da sunaye masu daɗi. Ita kuwa ta riga ta tuɓe rigarta, ta wanke ƙafafunta, ta kwanta, sai tashi ya yi mata wuya. Bayan ɗan lokaci zuciyarta ta motsa, ta tashi ta buɗe, amma ya riga ya tafi. Ta kira, ba amsa. Ta fita nemansa cikin gari, har masu tsaro suka ji mata rauni.

Ku lura da abu biyu. Na fari, nassin bai la'anci kowa ba. Ba ta ƙi shi ba, gajiya ce da jinkiri. Shi ma bai daina ƙaunarta ba, gama a sura 6 mun same su tare. Dukansu biyu sun so juna a daren nan, sai dai ba a lokaci ɗaya ba. Na biyu, a sura 3 ita ce ta tashi da dare tana nemansa. Ashe mai nema a yau yana iya zama wanda ake nema gobe. Kada mu ce wannan halin mata ne, wancan kuma na maza. A gidaje da yawa mijin ne yake ƙishin kusanci, matar kuma take neman sarari.

Ubangijinmu Yesu kansa ya nuna bukatun nan biyu. A Markus 1:35 ya tashi da asuba ya keɓe shi kaɗai, alhali kowa yana nemansa. A Getsamani kuwa ya roƙi Bitrus da Yaƙub da Yahaya su zauna a faɗake tare da shi (Markus 14:33-34). Neman kusanci ba rauni ba ne, neman kaɗaici kuma ba taurin zuciya ba ne.

2. Yadda ƙaramin bambanci yake zama babban rami

Bari mu ɗauki misalin gida irin wanda na sha zama a cikinsa. Maigidan direban keke-napep ne. Yana fita ƙarfe shida na safe, ya dawo takwas na dare, kunnensa cike da hayaniya da cinikin fasinja. Matar tana ɗinki a gida da yara uku, ta wuni ba ta yi magana da babban mutum ba. Da ta ji ƙarar keken, zuciyarta takan yi sanyi, ga abokin hira ya iso. Shi kuma da ya ga ƙofar gida, abin da yake zuciyarsa shi ne, ga wurin da ba wanda zai tambaye shi kome.

Ta tarye shi da labarin wuni. Ya amsa da “to” da “haka ne”, ya ɗauki waya. Ta ji kamar an rufe mata ƙofa, sai ta ce, “Maigida, kai dai kullum ba ka da lokacina.” Abin da take nufi shi ne, na yi kewarka. Abin da ya shiga kunnensa shi ne, ka gaza. Ba ya son faɗa, sai ya fita ƙofar gida shan iska. A wurinsa ya kiyaye salama ke nan, a wurinta kuwa ya gudu. Washegari ta ƙara matsawa da ƙarfi, shi kuma ya ƙara jinkirin dawowa.

Masu nazarin zaman aure sun daɗe da lura da wannan kewaye na mai bi da mai janyewa. Gwargwadon yadda ɗaya ya matsa, haka ɗayan yake ja da baya, gwargwadon ja da bayansa kuma, haka na farkon yake ƙara matsawa. Kowa yana ganin amsawa kawai yake yi ga abin da ɗan'uwansa ya fara. Bambancin da ya soma da 'yan mintoci na hira, bayan shekaru ya zama ita “mai mita”, shi kuma “dutse”. Gaskiyar ita ce tsoro ne yake tuƙa su duka. Ita tana tsoron ba ta da muhimmanci a gare shi, shi kuma yana tsoron ba zai taɓa gamsar da ita ba.

Tarbiyya ma tana da hannu. Da yawa cikinmu mun girma a gidan da kunya ta hana baba ko kiran sunan mama, sai dai ya nuna ƙauna ta wurin cika rumbu da biyan kuɗin makaranta. Mutumin da ya tashi haka, idan ya ajiye kuɗin cefane, a ganinsa ya faɗi dukan abin da yake zuciyarsa. Elkana ya ƙaunaci Hannatu, ya ba ta rabo na musamman, har ya yi tsammani ƙaunarsa ta isa ta share mata hawaye, amma ba ta kai wurin da yake mata ciwo ba (1 Sama'ila 1:4-8). Ana iya ba da ƙauna ta gaske, ta kuma wuce gefen bukatar.

3. Yadda ake karya kewayen

Da fari, su zauna a lokacin da ba fushi, ba da dare sa'ad da aka gaji ba, su ba abin suna. Maimakon “kin cika” ko “ka cika”, su ce, “Abin nan namu ya sāke kama mu.” Daga ranar da suka gane cewa kewayen ne abokin gābarsu, sun koma gefe ɗaya.

Na biyu, mai bukatar sarari ya faɗi lokacin dawowarsa. Ba fitar ce take ƙona zuciya ba, rashin sanin ko zai dawo ne. Direban nan zai iya cewa, “Maman yara, bari in yi wanka in huta rabin awa, ƙarfe tara ina naki.” Sa'an nan ƙarfe tara ta same shi zaune, waya a aje. Idan ya saɓa sau biyu ko uku, maganar ta mutu. Haka ma idan gardama ta yi zafi, jiki yana bukatar kamar minti 20 kafin bugun zuciya ya sauka, amma wanda ya nemi hutun shi ne zai dawo da zancen.

Na uku, mai ƙishin kusanci ya roƙi abu ɗaya da za a iya yi. “Ba ka kula da ni” ƙara ce, ba wanda ya san inda zai kama ta. “Ina so mu ci abincin dare tare, mu yi hirar minti 15 bayan yara sun kwanta” roƙo ne da ake iya cikawa. In kuwa an cika, a yi godiya, kada a ce sai da na roƙa. Wanda ya yi abin da bai saba ba saboda kai, ƙauna ce ya nuna.

Wannan ya shafi shimfiɗar aure ma. Wani marmarinsa yakan zo da kansa, wani kuma sai an yi hira, an huta, an ji an kusanci juna tukuna ya farka, kamar amaryar nan da zuciyarta ta motsa daga baya. A 1 Korintiyawa 7:3-5 Bulus ya ɗora hakki ɗaya a kan miji da mata daidai, ya kuma ce ko keɓewa domin addu'a sai da yardar juna, na ɗan lokaci. Saboda haka ba a mai da azumi ko hidimar ikilisiya wurin ɓuya, ba a kuma mai da ayar nan bulala ta tilasta wa kowa. Mai cewa “ba yau ba” ya ƙara da “gobe”, ya kuma riƙe hannu. Mai neman kuma ya riƙa taɓawa da runguma waɗanda ba su da wata manufa a baya, in ba haka ba ɗayan zai soma gudun ko taɓa kafaɗa.

Kada su sa rai bambancin zai shuɗe. Mai yiwuwa har tsufa ita za ta fi shi son hira. Alamar warkewa ita ce roƙo ya daina zama zargi, shiru kuma ya daina zama barazana.

4. Inda wannan darasi bai kai ba

Idan mutum mai fara'a ya canza farat ɗaya, a bincika dalili. Jego da shayarwa, ɗaukewar al'ada, ciwon suga, wasu magungunan hawan jini, da ciwon damuwa mai hana barci da cin abinci, duka suna iya rage marmari da son hira. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Sa'an nan akwai shirun da ba hutu ba ne, horo ne: gaba ta kwanaki domin a durƙusar da mutum. Akwai kuma neman kusancin da ya zama tsaro, da binciken waya, da hana ziyartar dangi. Inda akwai tsoro, ko dūka, ko tilas, ba bambancin hali ba ne, kada a ce wa wanda ake cuta ya ƙara haƙuri. A nemi taimakon fasto da dattawa amintattu ba da jinkiri ba, a fara da kiyaye lafiyar wanda yake cikin hatsari.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A cikin Waƙar Waƙoƙi 5:2-6, me kowannensu zai iya faɗa da zai hana rabuwar daren nan?
2. A gidanka, kai ne ka fi ƙwanƙwasawa ko kai ne ka fi jinkirin buɗewa? Wane tsoro ne yake bayan haka?
3. Ta wace hanya abokin aurenka yake nuna ƙauna wadda ka daina gani?

Aikin wannan mako: ku tsai da lokaci ɗaya na minti 15 kowace rana, da lokaci ɗaya na hutu ga mai bukatarsa, ku kiyaye duka biyu har kwana bakwai.

Addu'a

Ya Uba, kai ka halicce mu dabam dabam, ka kuma haɗa mu. Ka gafarta mana inda muka kira ƙishin ɗan'uwanmu fitina, da inda muka kira gajiyarsa ƙiyayya. Ruhu Mai Tsarki, ka ba mai ƙwanƙwasawa haƙurin jira, ka ba na ciki ƙarfin tashi ya buɗe. A cikin sunan Yesu, Amin.