Abin Da Ya Sa Madara Ke Ɓata Wa Wasu Ciki

Sau da yawa in ɗalibi ya yi kukan kumburin ciki da murɗa da zawo, sai a ce abincin makaranta ne ya lalace. Wani lokaci haka ne, amma wani lokaci madarar da aka zuba a shayin safe ce, alhali kuwa lafiyarta lau.

A cikin madara akwai wani irin sukari da ake kira laktos. Kofi guda na madarar shanu yana ɗauke da wajen giram 12. Jiki ba ya iya amfani da shi sai wani sinadari mai suna laktes, wanda ke cikin ƙaramin hanji, ya raba shi gida biyu. Jarirai suna da wannan sinadari isasshe, amma bayan yaye yakan yi ta raguwa a jikin galibin mutanen duniya. Fulani makiyaya da yawa kuwa nasu ba ya raguwa har tsufa, gado ne.

To, in sinadarin ya yi kaɗan, sai sukarin ya zarce babban hanji. Can ƙwayoyin halitta za su ci shi su fitar da iska, watau kumburi da tusa ke nan. Sukarin kuma yana jawo ruwa cikin hanji, shi ne zawon. Yawanci abin yakan taso tsakanin rabin awa zuwa awa biyu bayan sha.

Wani zai ce, "Ai ni ina shan fura da nono, ban ga kome ba." Dalili shi ne ƙwayoyin da ke sa nono tsami sun riga sun cinye wani kashi na sukarin, furar kuma tana rage saurin wucewarsa. Madarar gari da ta gwangwani kuwa nasu sukarin yana nan cif.

Ga yadda za a gane. A ce yaro cikinsa na murɗa kullum da hantsi. Sai ya bar madara kwata-kwata har mako biyu, har da alewar madara, amma kada ya sāke sauran abincinsa. In ya sami sauƙi, sai ranar Asabar ya sha kofi biyu kafin ya ci kome. In ciwon ya dawo, an kama ɓarawo. Ba sai ya rabu da madara ba; rabin kofi tare da abinci ba ya damun yawancinsu.

In kuwa ya bar ta ciwon bai tafi ba, a nemi dalili wani wuri. Wake yana kumbura ciki, amma ba safai yake sa zawo ba. Nonon da aka sirka da ruwa marar tsabta yakan kawo zawo har da amai ko zazzaɓi, kuma yakan kama duk waɗanda suka sha tare. Iyaye su lura: in akwai jini a bayan gida, ko yaro yana ramewa, ko jikinsa ya yi ƙuraje leɓensa ya kumbura bayan ya sha madara, wannan ba maganar sukari ba ce, sai a kai shi asibiti.