Daga Rubutun Hannu Zuwa Jadawalin Kaya: Nazari a Kan Adadi da Ma'auni a Takardar Ɗan Kasuwa

Ɗalibin da ke bincike a kan harshen kasuwanci yakan nemi mai shago ya nuna masa takardar da yake rubuta kayansa, shi kuwa mai shagon yakan turo masa hoton da aka ɗauko daga fuskar waya. Kafin irin wannan hoto ya amfani mai nazari, sai an mayar da shi jadawali mai rukuni uku: sunan kaya, adadi da ma'auni. Wannan maƙala ta bi matakan aikin ta hanyar misali guda da aka ƙirƙira don koyarwa, wato takardar mai shagon kayan masarufi wadda ke ɗauke da waɗannan layuka:

```
shinkafa bh 12
gero 3 bh + 15 ty
manja j 4½
magi kt 6
" kanana 2
sikari 17
```

Matakin farko shi ne duba ingancin hoton kansa. Hoton da aka ɗauko daga fuskar waya ba shi ne na asali ba, domin ba ya wuce iyakar kaifin fuskar da aka ɗauko shi a kanta, kuma idan ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar kan matse shi har siraran layukan biro su dusashe. Sau da yawa kuma ana yanke gefen takarda, inda aka saba rubuta kwanan wata. Saboda haka, in da hali, a nemi a turo hoton asali a matsayin fayil. In babu hali, sai a ƙidaya layukan da ake gani a rubuta yawansu tun kafin a fara kwafa. A misalinmu layuka shida ne, kuma kowane layi na jadawalin da za a gina dole ne a iya mayar da shi ga ɗaya daga cikinsu.

Mataki na biyu shi ne kwafar rubutun yadda yake, ba tare da gyara ko harafi ɗaya ba. Ƙa'idar nan sananniya ce ga duk wanda ya taɓa aiki da rubutattun takardun ajami: ana ware abin da marubuci ya rubuta daga abin da mai nazari ya fahimta. Don haka ake ƙara rukuni na huɗu a jadawalin, wanda zai riƙe asalin rubutun. Mai shagon ya rubuta "kanana", kuma haka za a bar ta a wannan rukuni, sai a rukunin sunan kaya a rubuta "ƙanana" bisa daidaitacciyar ƙa'ida. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto suna iya rage wahala a nan, amma ba su cika gane rubutun hannu ba, kuma sukan mayar da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. A takardar kaya wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda bambancin kofa da ƙofa, ko kafa da ƙafa, a wannan lanƙwasar yake.

Inda aikin ya fi bukatar masanin harshe shi ne warware gajerun alamomin ma'auni. A layi na farko, "bh" buhu ne, sai dai kalmar buhu ita kaɗai ba ta bayyana nauyi. Ana sayar da shinkafa a buhu mai kilo 50, akwai kuma mai kilo 25 da mai kilo 10. Idan aka rubuta 12 kawai, kayan na iya zama kilo 600, na iya zama kilo 300. Mai kwafa ba shi da ikon zaɓa wa mai shago ɗaya daga ciki. Zai rubuta "buhu" a rukunin ma'auni, ya bar girman buhun a matsayin tambaya. Haka "j" a layin manja, wadda ke nufin jarka: babbar jarkar da aka fi sani lita 25 ce, amma akwai ƙanana. Shi kuwa 4½ sai a rubuta shi 4.5, domin manhajar jadawali irin su Excel kan ɗauki alamar ½ a matsayin rubutu, ta tsallake ta wajen tara lissafi ba tare da ta yi gargaɗi ba.

Layin gero ya fi sauran koyarwa. An rubuta buhu 3 da tiya 15, wato adadi biyu da ma'auni biyu a layi ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta 3.15, ko a tara su a sami 18, alhali babu ɗayansu da ke da ma'ana. Wani kuma zai so ya mayar da duka zuwa tiya. Idan mai shagon ya tabbatar cewa buhunsa tiya 40 yake ci, lissafin zai zama 3 sau 40, wato 120, a ƙara 15 a sami tiya 135. To amma tiya da mudu ma'aunai ne na cika, ba na nauyi ba, kuma girman kwanon da yadda ake tsoro a kansa suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Abin da ake aunawa da shi a Dawanau ba lallai ne ya yi daidai da na wata kasuwar ƙauye ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a raba layin gida biyu: gero, 3, buhu; sannan gero, 15, tiya. Ta haka jadawalin zai zama da layuka bakwai daga shida na asali, a kuma rubuta dalilin ƙarin.

Layi na biyar ya fara da alamar maimaici, wadda ke nufin a ɗauko abin da ke sama. An san ta ɗauko sunan magi, amma ko ta ɗauko har da katan? Tsarin jimlar ya fi karkata ga katan 2 na ƙananan magi, sai dai "ƙanana" na iya siffanta katan ɗin kansa, ma'ana ƙananan katan guda biyu. Wannan harshen damo ne na nahawu, kuma hoton ba zai warware shi ba.

Layin ƙarshe ya haɗa matsala biyu. Babu ma'auni ko kaɗan, ga shi kuma ana sayar da sikari a buhu, a mudu, da kuma a kwali. Sannan lambar 17 tana iya zama 11 idan marubucin yana yi wa 1 ɗan ƙugiya a sama. Ana gane wannan ne ta kwatanta hannun marubucin da kansa: a duba yadda ya rubuta 1 a cikin 12 da 15 na layukan sama. Idan a can tsayayyen layi ne kawai, to mai ƙugiyar nan 7 ce. Wannan kwatanci ya fi muhimmanci idan mai shagon ya saba da lambobin Larabci, inda ٥ take nufin biyar ko da yake ta yi kama da sifili, sifilin kuma ɗigo ne da matsewar hoto kan iya shafewa.

Bayan an gama, jadawalin zai fito kamar haka:

```
kaya,adadi,ma'auni,asali,tabbaci
shinkafa,12,buhu,shinkafa bh 12,girman buhu?
gero,3,buhu,gero 3 bh + 15 ty,an raba
gero,15,tiya,gero 3 bh + 15 ty,an raba
manja,4.5,jarka,manja j 4½,girman jarka?
magi,6,katan,magi kt 6,
magi ƙanana,2,katan,""" kanana 2",katan ko magi?
sikari,17,,sikari 17,babu ma'auni
```

Gurbin ma'aunin sikari an bar shi fayau da gangan, domin gurbin da babu komai yana jawo tambaya, wanda aka cika da zato kuwa yakan wuce ba a lura ba. Idan za a adana jadawalin a matsayin CSV, a zaɓi tsarin `CSV UTF-8`, in ba haka ba haruffa masu lanƙwasa kan koma alamar tambaya. Daga nan sai a koma wa mai shagon da tambayoyi huɗu da suka rage: girman buhun shinkafa, girman jarka, ma'anar "ƙanana", da abin da aka auna sikari da shi.