Girman Hujin Bolti: Matsattse, Matsakaici ko Sakakke?

Wani mai walda ya aiko da tambaya. Ya ce: "Na yanka farantin ƙarfe da zan ɗaura wa famfon ban ruwa. Jikin famfon yana da ramuka huɗu masu tiredi na bolti M10. Na huda farantin da bakin diril na 10.5 don kada ya yi lagwai-lagwai, sai bolti uku suka shiga, na huɗu ya ƙi. Na buɗa hujin ko na sake wani farantin? Kuma wane girma ya kamata na huda tun farko?"

Malam, sannu da aiki. Hujin da ka zaɓa yana cikin ƙa'ida, sai dai ba na irin wannan aikin ba ne. Hujin da bolti yake ratsawa ba tare da ya kama tiredi ba dole ya fi boltin faɗi, kuma ƙa'idar ISO 273 ta kasa wannan ƙarin faɗi gida uku: matsattse, matsakaici da sakakke. Ga girman hujin a milimita, na boltocin da aka fi aiki da su:

| Bolti | Matsattse | Matsakaici | Sakakke |
|---|---|---|---|
| M6 | 6.4 | 6.6 | 7 |
| M8 | 8.4 | 9 | 10 |
| M10 | 10.5 | 11 | 12 |
| M12 | 13 | 13.5 | 14.5 |
| M16 | 17 | 17.5 | 18.5 |

Kada a haɗa waɗannan da hujin da ake yi kafin a yanka tiredi. Wancan ƙasa yake da girman bolti, kamar 8.5 ga M10.

Abin da ke raba gardama tsakanin jerin ukun shi ne yawan kuskuren da hannunka da kayan aikinka suke yi wajen sa huji a mazauninsa. Sararin da ke tsakanin bolti da bangon huji shi ne yake shanye wannan kuskure. Idan ka cire kaurin bolti daga faɗin huji, abin da ya rage shi ne sararin: rabin milimita a hujin 10.5, milimita 1 a na 11, milimita 2 a na 12.

Mu ɗauki bolti biyu daga cikin naka mu yi lissafi. A ce tazarar ramukan famfon, daga tsakiya zuwa tsakiya, milimita 200 ce, amma da ka auna farantinka ka samu 200.8. Tunda boltin yana ɗaure cikin tiredin jikin famfo, ba ya motsi. Farantin ne kaɗai zai iya gusawa, kuma kowane huji rabin sararinsa kawai yake iya bayarwa ta gefe ɗaya. Huji biyu su haɗu su ba da sarari guda cikakke. Saboda haka hujin 10.5 zai yafe kuskuren 0.5 ne kawai, naka kuwa 0.8 ne, shi ya sa bolti ya ƙi shiga. Hujin 11 zai yafe milimita 1, wato zai shiga amma da kyar. Na 12 zai yafe 2, ya shiga cikin sauƙi. Da yake ramukan huɗu ne, kuskuren tsaye da na kwance suna haɗuwa a kusurwa, don haka ka auna tazarar ƙetare daga wannan kusurwa zuwa waccan ma, domin sau da yawa can ne matsalar take ɓuya.

Da a ce faranti biyu kake haɗawa, bolti ya ratsa duka biyun a ɗaure shi da noti ta baya, lissafin zai canza. A nan boltin yana da wurin gusawa a kowane faranti, sai yafiyar ta ninka biyu, hujin 10.5 ya shanye kuskuren milimita 1. Don haka duk aikin da gefe ɗayansa tiredi ne, ya fi bukatar huji mai yalwa.

Daga nan zaɓin ya fito fili. Matsakaici shi ne na aikin yau da kullum, da shi za ka fara in dai babu dalilin kauce masa. Matsattse na aikin da aka huda a injin da ke riƙe awo sosai ne, ko kuma aka matse faranti biyu aka huda su tare, ta yadda kuskuren ɗaya ya zama na ɗayan. Sakakke kuma na aikin da aka zana da tef da alli aka huda da diril na hannu ne, ko wanda za a yi wa walda bayan huda, domin zafin walda yana jan ƙarfe ya gusar da huji. Haka nan idan za a shafa fenti mai kauri, ko tazarar ramukan tana da tsawo.

Ka ce tsoron lagwai-lagwai ne ya sa ka matse hujin. Ai ba bangon huji ne yake riƙe faranti ba. Idan aka ɗaure bolti yadda ya kamata, matsar da yake yi wa ƙarafan biyu ita ke hana su zamewa. Farantin da yake motsi a kan famfo, ɗaurinsa ne ya saki, kuma ko hujin 10.5 ne zai yi ta bugun boltin har hujin ya zama kamar ƙwai. In kuwa aikin yana bukatar sassa biyu su zauna daidai ba gusawa, fil-fil biyu na saiti ake sa wa, a bar wa bolti aikin matsewa.

Buɗa huji ma yana da iyaka. Kan bolti M10 da ake kamawa da sufana 17, idan ya hau hujin 11, yana da milimita 3 na zama ta kowane gefe. Ka kai hujin 14, zaman ya koma ɗaya da rabi, kan boltin ya riƙa nutsewa cikin ƙarfen, ɗaurin ya saki bayan ɗan aiki. Alamar ita ce zoben da ya lotsa a bakin huji, da jan garin tsatsa a gefen kan boltin. Shi ya sa hujin sakakke yake tafiya da washa. Ta M10 da aka saba tana da faɗin milimita 20, tana shimfiɗa nauyin a wuri mai yawa. Shi ma matsattse yana da nasa sharaɗin: a ƙarƙashin kan bolti akwai ɗan lanƙwasa inda kai ya haɗu da jiki, don haka ka ɗan share bakin hujin, in ba haka ba kan zai zauna a kan kaifin baki ya bar fuskar faranti.

Game da farantinka, ba sai ka sake wani ba. Ka buɗa duka ramukan huɗu zuwa 11, ka share ɓarɓashin bakinsu, sannan ka ɗaura kowane bolti da yatsu zagaye biyu ko uku kafin ka sa wa ko ɗaya sufana. Idan na huɗun ya shiga da hannu, ka matse su a ƙetare, wannan kusurwa sai mai fuskantarta. Idan har yanzu yana cijewa, ka kai su 12 ka sa washa. Kada ka kora shi da guduma ko ka tilasta shi da sufana a karkace, domin tiredin jikin famfon ne zai lalace, kuma gyaransa ya fi sabon faranti tsada. In kuwa 12 ma bai isa ba, kuskuren awon ya wuce abin da huji zai shanye, sai ka yanka sabon faranti, ka ɗauki tazarar daga jikin famfon da takarda mai kauri, ka buga fanci a tsakiyar kowane rami kafin ka huda.