Kwantiragin awannin shekara: yadda za ka san ajiyarka da bashinka

'Yan'uwanmu da ke aiki a Birtaniya, a masana'antun abinci, rumbunan ajiyar kaya, asibitoci da makarantu, suna yawan cin karo da kwantiragin da ba ya cewa za ka yi awa kaza a mako, sai dai ya ce za ka yi awa kaza a shekara. Albashi yana zuwa daidai wa daida kowane wata, aikin kuwa wani wata ya yi sauƙi, wani wata ya kai maka iya wuya. Saboda haka takardar albashi ba za ta gaya maka ko kana bin kamfani ko kamfani na bin ka ba, sai littafin da ka riƙe da hannunka. Ga yadda ake riƙe shi.

1. Nemo lambobi biyu kafin komai: awannin da ake biya da awannin da ake yi.
Shekara mako 52.14 ce, don haka mai awa 37.5 a mako ana biyansa awa 1,955 a shekara. A cikinsu akwai hutun da doka ta ba shi, mako 5.6, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar, kuma kwana 28 sau awa 7.5 ya kama awa 210. Ka cire su, saura 1,745, su ne za ka tsaya a bakin aiki ka yi. Naka lissafin zai iya bambanta, domin sabon ma'aikacin NHS a Ingila yana da hutun kwana 27 da ranakun hutun ƙasa 8, nasa awannin aikin ba su kai haka ba. Rubuta naka biyun a bangon littafi, tare da ranar da shekarar aikinku take farawa, don ba dole ba ne ta zama 1 ga Janairu. Wurare da yawa daga Afrilu suke ƙirgawa.

2. Zaɓi hanyar ƙirga guda ɗaya, kada ka haɗa biyu.
Ko dai ka auna kanka da 1,955 kana rubuta wa kowace ranar hutu awa 7.5 kamar ka je aiki, ko ka auna da 1,745 kana barin ranar hutu babu komai. Duk biyun daidai ne, amma wanda ya auna da 1,955 bai rubuta hutunsa ba zai wayi gari da bashin awa 210 da bai ci ba, wanda ya yi akasin haka kuma zai yi ta murnar ajiyar da babu ita. Ni na fi son ta farko, saboda kowane mako abin da ake nema bai canzawa, 37.5 ne, ko kana aiki ko kana gida. Tambayi ofishin albashi wacce suke bi, ka bi ta, don ranar da za ku zauna lissafi bakinku ya zo ɗaya.

3. Rubuta awanninka ranar da ka yi su, kuma ka kula da mintuna.
Ƙaramin littafi a aljihun rigar aiki ya isa: kwanan wata, lokacin shiga, lokacin tashi, da hutun cin abinci idan ba a biyansa. Wanda ya shiga ƙarfe 6 na safe ya tashi ƙarfe 2 na rana, da rabin awar da ba a biya, awa 7.5 ya yi. Inda ake yawan tafka asara shi ne wajen mintuna: awa 7 da minti 45 ana rubuta ta 7.75, domin minti 45 kashi uku cikin huɗu ne na awa. Mai rubuta 7.45 yana zubar da minti 18 kowane duti, a duti 200 kuwa awa 60 ke nan, fiye da aikin mako ɗaya da rabi. Ka riƙa ɗaukar hoton jadawalin aiki duk lokacin da aka manna sabo, musamman idan kun yi musayar duti da abokin aiki, domin sau da yawa musayar takan tsaya a baki, na'ura ba ta sani ba.

4. Kowane ƙarshen mako ka fitar da lamba ɗaya tak.
Ɗauki ragowar makon jiya, ka ƙara abin da ka yi wannan mako har da hutu, ka cire 37.5, in ta haura sifiri ajiya ce, in ta gaza bashi ne. Mai amfani da Excel ya sa lokacin shiga a B, na tashi a C, ya yi amfani da layi na farko na lissafin da ke ƙasa don awannin duti, har na dare mai tsallaka ƙarfe 12. Layi na biyu na shafin mako ne, inda B ke ɗauke da abin da ake nema, C abin da aka yi, D kuma ragowa:

```
=MOD(C2-B2,1)*24-0.5
=D2+C3-B3
```

Ka bar sakamakon a matsayin lamba, kada ka mai da shi tsarin agogo, domin idan ragowa ta faɗa bashi Excel zai cika gurbin da `#####` maimakon ya nuna maka.

5. Bashi a watannin sanyin aiki ba abin tashin hankali ba ne, in dai jadawali ya yi tanadin biyansa.
A ce kana masana'antar abinci, shekararku ta fara a Afrilu. Cikin mako 13 na farko ana neman awa 487.5, ka yi mako 11 kana awa 34, wato 374, ranakun hutunka duka sun kama mako biyu, awa 75, jimilla 449, sai littafi ya nuna bashin 38.5. Daga Yuli zuwa tsakiyar Oktoba aka tafi a kan 37.5, bashin bai motsa ba, sannan mako 10 kafin Kirsimeti aka koma awa 45, kowane mako da rarar 7.5, wato 75, ka ga ka fita daga bashi har da ajiyar 36.5. Haka aka tsara abin ya tafi, kamar manomin da ke cin rani da abin da damina ta bari. Abin dubawa shi ne ragowar jadawali: haɗa dukan dutin da aka rubuta maka zuwa ƙarshen shekara, ka ga ko za su rufe bashin. Idan wata uku ya rage, ana bin ka awa 90, jadawali kuma bai nuna inda za su fito ba, je wa shugaban sashenka yau ka nemi ƙarin duti a rubuce, tun kafin a tattara maka su a makonnin ƙarshe.

6. Ware wa awannin ko-ta-kwana shafinsu daban.
Kwantiragi da yawa suna raba awannin gida biyu: misali 1,600 a kan jadawali, 145 kuma a ajiye, a kira ka idan wani bai zo ba ko oda ta yi yawa. An riga an biya ka su a cikin albashi, shi ya sa ba ka ganin ƙarin ko kwabo ranar da aka kira ka, kuma wannan ne ya fi ba sabbin zuwa mamaki. Rubuta 145 a saman shafi kana ragewa duk kiran da ka amsa, ka kuma saka awannin a lissafin mako; da zarar shafin ya kai sifiri, duk kiran da ya biyo baya sabon ciniki ne, ka tambayi nawa za a biya kafin ka sa takalmi. Abu uku za ka nema a kwantiragi: sanarwar awa nawa za a ba ka kafin kira, sau nawa kake da damar cewa a'a, da abin da ke faruwa da waɗanda ba a kira ba in shekara ta ƙare, domin wasu wuraren yafewa suke yi, wasu kuma su tura su shekara mai zuwa.

7. Duba abin da aka rubuta maka ranar rashin lafiya.
Idan jadawali ya ce dutin awa 12 gare ka, ka kwanta ciwo, aka rubuta maka 7.5, an ɗora maka bashin 4.5 kana kan gado; duti huɗu haka, awa 18. Wasu wurare awannin jadawali suke rubutawa, wasu matsakaicin yini, kuma kwantiraginka ko littafin ƙa'idojin ma'aikata ne ke faɗa, don haka ka gwada lambarsu da taka a makon da ka koma.

8. Yawan bashi bai soke haƙƙin hutawa ba.
Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ce matsakaicin aikinka kada ya wuce awa 48 a mako, ana auna shi yawanci a kan mako 17, sai in kai ka sa hannu ka amince da wucewa. Ta kuma ba ka hutun awa 11 tsakanin tashi da komawa, da minti 20 in aikin yini ya wuce awa 6, ko da yake masu aikin karɓa-karɓa akan rama musu hutun a wani lokaci. Littafinka shi ne shaidarka a nan ma, kuma wakilin ƙungiyar ƙwadago ko hukumar Acas, mai ba da shawara kyauta, abin da za su fara tambaya ke nan.

9. Tsara kuɗin gida da kalandar aikin.
Albashin da bai hawa bai sauka yana sauƙaƙa kuɗin haya da abin da ake aikawa gida, amma obatayim ɗin da aka saba dogara da shi a watan Disamba babu shi, ga kuɗin mai reno da na mota sun ƙaru daidai lokacin. Ku zauna da mai ɗaki ko maigida ku sa alama a makonnin awa 45, ku riƙa ware wani abu tun watannin sauƙi. Tafiya gida ko hutun Sallah kuma a nema da wuri, don wasu wuraren ba sa ba da hutu a lokacin cunkoso.

10. Kafin ka ajiye aiki, duba ragowarka.
Wanda ya tafi a ƙarshen Yuni a misalinmu an biya shi awa 38.5 da bai yi ba, in awarsa fam 13 ce kimanin fam 500 ke nan, kuma idan kwantiragin da ya sa wa hannu ya ba da dama, daga albashin ƙarshe za a zare su. Da ya jira ƙarshen Disamba, shi ke bin su 36.5. Saboda haka ka nemi ofishin albashi su ba ka ragowarka a rubuce kafin ka miƙa takardar barin aiki, ka gwada da littafinka mako-mako har ku gano inda kuka saɓa. In bashi ne, ka roƙi a ba ka ƙarin duti cikin wa'adin sanarwa, in ajiya ce, a rubuta maka ko kuɗi za a ba ka ko ranakun hutu, da farashin da za a biya kowace awa.