Darasi na 14: Hanyar Sarkin Farisa

A wannan darasi za mu karanta labarin wata tsohuwar hanya, mu ga yadda ta riƙe daula. Daular ita ce Farisa, wadda tushenta yana ƙasar da ake kira Iran yanzu. Sarkin da ya gyara hanyar sunansa Dariyus na Ɗaya. Ya yi sarauta daga shekara ta 522 zuwa ta 486 kafin haihuwar Annabi Isa. Mu tuna, shekarun wancan zamani da baya da baya ake ƙirga su, watau 522 ta riga 486.

Ƙasar Dariyus tana da faɗi ƙwarai. Ta kama daga Masar har bakin ƙasar Hindu. Sarki ba shi da mota, ba shi da wayar tangaraho. To, ta yaya zai ji labarin iyakar ƙasarsa? Ta yaya haraji zai iso masa? In an yi tawaye, ta ina mayaƙansa za su bi? Amsar duka ɗaya ce, hanya.

Zango

Babbar hanyar ta tashi daga birnin Susa, inda sarki yake da fada, ta tafi yamma har birnin Sardis, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Tsawonta kamar mil 1,600 ne. Wani malamin tarihi Bagirke, mai suna Herodotus, ya rubuta cewa akwai zango 111 a kanta, kuma mai tafiya da ƙafa yakan yi kwana 90 kafin ya ƙure ta.

Mu yi lissafi. In mun raba mil 1,600 gida 111, za mu ga tsakanin zango da zango kamar mil 14 ne ko 15. Tafiyar yini ɗaya ke nan ga mai kaya. Mun san yadda fatakenmu na dā suke yada zango in za su Gwanja sayen goro. Bambancin shi ne, zangon Farisa na sarki ne. A cikinsa akwai masauki, da rumbun hatsi, da dawaki, da masu gadi, da magatakarda. Ƙarfin hanyar yana cikin waɗannan zanguna. Yawancinta ma turɓaya ce da tsakuwa, ba a shimfiɗa mata dutse ba.

Manzanni

Wasiƙar sarki ba ta jiran kwana 90. An ajiye mahayi da doki a kowace tafiyar yini. Manzo na fari ya karɓi wasiƙa, ya yi sukuwa har zango na gaba, ya miƙa wa na biyu. Na biyu ya hau hutaccen doki, ya miƙa wa na uku. Mutum yana gajiya, doki yana gajiya, amma wasiƙa ba ta tsayawa. Masana sun ƙiyasta ta haka saƙo yakan ƙure hanyar cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Ba kowa ne ake ba guzuri a zango ba. Sai wanda ya zo da wasiƙa mai hatimin sarki, ko na wani babban hakimi. Magatakarda ya duba hatimi, ya sa a auna wa matafiyi gari, kamar lita ɗaya ko ɗaya da rabi kowace rana, a haɗa masa da abin sha. Sa'an nan ya rubuta a kan ɗan allo na yumɓu: sunan matafiyi, da yawan mutanensa, da inda ya fito, da inda za shi. A shekarar 1933 masu haƙa ƙasa suka tono dubban irin waɗannan alluna a kangon birnin Farsifolis. Daga gare su muka san wannan tsari.

Tsaron hanya ya yi tsanani, har an ce wani Bagirke da ke zaune a Susa, mai suna Histiyus, ya rasa yadda zai aika da saƙon asiri. Sai ya aske kan bawansa, ya tsaga rubutu a fatar kan, ya jira gashi ya tsiro, sa'an nan ya aike shi. Da bawan ya isa aka sake aske shi, aka karanta. Saƙon na tayar da tawaye ne, kuma an yi tawayen a shekara ta 499.

Haraji

Dariyus ya raba ƙasarsa lardi lardi, kamar 20, kowane da gwamnansa. Ya yanka wa kowane lardi abin da zai biya kowace shekara. Ana auna azurfa da wani ma'auni da ake kira talanti, nauyinsa kamar kilo 30. Bisa ga lissafin Herodotus, lardin Babila yana biyan talanti 1,000, Masar tana biyan 700. Lardin Kilikiya kuwa, ban da azurfa, yana kawo fararen dawaki 360.

Mu ɗauki na Babila. In raƙumi ɗaya ya ɗauki talanti 5, sai an sami raƙuma 200 kafin a kwashe azurfar shekara ɗaya. Ayari irin wannan yana bukatar ruwa da harawa kowane dare, yana bukatar masu tsaro saboda 'yan fashi. Zango ne yake ba shi duka. Kuma da yake ana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ɓarna ba ta ɓoyuwa da sauƙi. In lissafin rumbu bai yi daidai da na alluna ba, an san wanda za a tuhuma.

Rundunar yaƙi

Runduna ta fi kowa nauyin tafiya, domin cikinta yawa gare shi. In mutum ɗaya yana cin awo ɗaya na gari kullum, mayaƙa 10,000 suna cin awo 10,000, ban da abincin dabbobi. Rumbun zango ɗaya ba zai ɗauki wannan ba. Saboda haka kafin yaƙi, manzanni su ke fara wucewa da umurni, a tara hatsi a manyan rumbuna tun da wuri.

Haka Sarki Zarksis ɗan Dariyus ya yi da zai yaƙi Girka. Ya kwashe shekaru yana shiri. Ya tara mayaƙa a Sardis, ya sa aka jibge abinci a gaba, aka jera jiragen ruwa aka yi gada a kan wani siririn teku. A shekara ta 480 ya ƙetare. Amma can nesa da zangunansa, abinci ya dogara ga jiragen ruwa. Da Girkawa suka ci jiragensa da yaƙi a Salamis, sai ya juyo da baya.

Abin da hanya ba ta iyawa

Hanya ba ta san maigidanta ba. Wanda ya kama zango, shi ke cin hatsin da ke ciki. A shekara ta 334 Iskandari, sarkin Masidoniya, ya shigo ƙasar Farisa, Sardis ta mika wuya gare shi. Ya yi ta amfani da hanyoyi da rumbunan da sarakunan Farisa suka tanada. A ƙarshen shekara ta 331 ya shiga Susa, ya iske azurfar da aka yi shekara da shekaru ana tarawa, ya kwashe.

Tambayoyi

1. Zango nawa ne tsakanin Susa da Sardis?
2. Me ya sa wasiƙar sarki ta fi mai ƙafa sauri?
3. Me matafiyi zai nuna kafin a ba shi guzuri?
4. In raƙumi yana ɗaukar talanti 5, raƙuma nawa za su ɗauki harajin Masar?
5. Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: zango, hatimi, manzo, haraji, rumbu.