Kafin ka danna kiran, ɗana

Ɗana, na ji gwaggonka ta haɗa ka da wata yarinya a Kano, iyayenta sun san da maganar, kuma tunda aiki ya riƙe ka a Jidda, an yarda ku fara ganin juna ta kiran bidiyo. Alhamdulillahi, Allah ya sa albarka. Ka ɗan ba ni kunnenka, domin a zamaninmu saurayi yakan je zance ne ya tsaya a zaure, a aika yaro ya yi sallama da yarinya, ta shirya a natse ta fito, ƙannenta suna kai da komowa, manya kuma sun san wanda ya zo. Wannan kira naka shi ne zauren yanzu, sai dai tun da WhatsApp ya kawo kiran bidiyo a 2016 samari da yawa suka ɗauka cewa tunda babu ƙofar da za a tsaya, babu sallamar da za a yi.

Saboda haka kada ka kira ta ba zato ba tsammani. Mace na iya kasancewa a kicin, ko kanta babu ɗankwali, ko tana tsakiyar mutane, kuma in wayarta ta yi ƙara da kiran bidiyo ka jefa ta a tsaka mai wuya, ta ɗauka ta ji kunya, ta ƙi ɗauka ta ji ta yi maka laifi. Ka rubuta mata tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka tambaye ta lokacin da ya yi mata, ka kuma faɗa mata cewa minti ashirin zuwa talatin kake nufi, domin hankalinta ya kwanta. Sannan ka tuna Jidda tana gaban Kano da awa biyu. In ka ce mata bayan sallar isha'i, isha'in wa? Lokacin da ka fito daga masallaci ita tana shirin magariba ne, gida ya cika da hidima. Ni da za ka bi tawa, ka zaɓi ranar Asabar, tunda kana hutu, ƙarfe biyu da rabi na rana a Kano, wato huɗu da rabi a wurinka. Ita ta yi azahar, kai ka yi la'asar, babu wanda kiran salla zai katse wa magana, kuma akwai hasken rana a ɓangarorin biyu. Ka rubuta mata lokacin da agogon Kano, kada ka bar mata lissafi. In lokaci ya yi, ka fara aika saƙo ka ce ga ka nan, ko ta shirya, sai ta amsa sannan ka kira.

Wurin zama kuma, kada ya zama kan gado, ko da ɗakin naka ɗaya ne. Ka sami kujera ko ka zauna a kan darduma, bango a bayanka, ka kawar da kayan wanki da kwanukan da aka ci abinci. Ban ce ka je ka aro falon wani ko ka shiga motar maigidanka ba, domin abin da ka nuna mata yau shi za ta kai wa mahaifiyarta, kuma ranar da gaskiya ta fito kai ne za ka sha kunya. Ka sa rigar da za ka iya shiga gidansu da ita, har da hula in ka saba sawa. In kuna da yawa a ɗakin, kamar yadda ma'aikata ke zama a can, ka roƙi abokan zamanka su ba ka rabin awa. In hakan bai yiwu ba, ka sa abin saurare a kunne, ka kuma gaya mata tun farko cewa akwai mutum a kusa. Babban cin amana ne yarinya tana magana da kai tana zaton ku biyu ne, alhali abokanka suna gefe suna leƙen fuskarta. Ita kuwa in ka ga ƙanwarta ko yayarta a kusa da ita, ka yi murna, ka gaishe su da kyau, domin gidan da ke kula da ƴarsa ne.

Yanzu maganar haske, wadda samari ke rainawa. Kyamarar waya tana auna abin da ya fi haske a gabanta ne ta daidaita kanta da shi, saboda haka in ka ba taga baya, tagar za ta fito fes, kai kuma ka koma baƙar inuwa, ba a ganin idonka ba a ganin murmushinka. Ka juya ka fuskanci tagar, wayar tana tsakaninka da ita, in rana ta yi ƙarfi ka saki labule mai shara-shara don kada ka yi ta ƙanƙance ido. In dole ta sa sai da dare, kada ka zauna daidai ƙarƙashin ƙwan lantarki, domin hasken da ke saukowa daga sama yana sa inuwa a kwarmin ido da ƙasan hanci, sai mutum ya fito kamar marar lafiya ko mai fushi. Ka ajiye fitila a gabanka, bayan wayar, in ta cika ƙarfi ka haska ta ga farin bango hasken ya dawo maka a tausashe. Wayar kuma kada ka riƙe ta a hannu, hannu yana gajiya, hoto ya yi ta rawa, daga baya ta sauko kan cinya ta koma kallon haɓarka da silin. Ka jingine ta a kan littattafai daidai tsayin idonka, nisan kamu ɗaya ko fiye kaɗan, yadda kanka da kafaɗunka za su fito. Ka goge gilashin kyamarar da gefen riga, ka cika batir, ka kashe fanka in tana hura wayar, sannan ka kira wani abokinka na minti ɗaya ya gaya maka yadda yake ganinka da jinka. Abubuwan nan na gyara fuska da ake sawa a kira, masu goge fata su ƙara haske, ka bar su. Addini ya halatta wa mai neman aure ya ga wadda yake nema domin zuciya ta natsu a kan gaskiya, ita ma tana da haƙƙin ta ga ainihin fuskar da za ta zauna da ita.

Amma abin da na fi so ka riƙe, ɗana, shi ne shiru. Magana a kiran bidiyo ba ta isa nan take, sai ta bi hanya mai nisa, kuma in sabis ya yi rauni takan makara da rabin daƙiƙa ko daƙiƙa guda. Ga yadda abin ke ɓaci. Ka tambaye ta me take karantawa, tambayar ta makara kafin ta isa, ita kuma ta ɗan sunkuyar da kai irin na kunya kafin ta amsa, kai a naka ɓangaren ka ji shirun ya yi yawa, sai ka ƙara wata tambayar, daidai lokacin da amsarta ta taso. Muryoyinku suka yi karo, kuka yi shiru tare, kuka sake farawa tare. In haka ta faru sau uku, yarinya za ta yanke cewa kai mai katse mutane ne, ta koma e da a'a, kai kuma ka tashi kana cewa ba ta da sakin jiki ko ba ta son ka. Ga shi an yi wa hali hukunci, alhali laifin na sabis ne. Maganinsa mai sauƙi ne: in ka yi tambaya, ka rufe bakinka, in ta gama magana ka ƙirga ɗaya, biyu a zuciyarka kafin ka karɓa. In kun yi karo, ka ce, “Bismillah, ci gaba, ina jin ki,” ka kuma tsaya da gaske. Yayin da take magana ka riƙa gyaɗa kai maimakon yawan “to, to”, domin waya takan danne murya ɗaya in biyu suka haɗu, sai ƙaramar amsarka ta cinye mata kalma.

Ka kuma sani cewa in kana kallon fuskarta a allon waya, ita tana ganin idonka ya ɗan yi ƙasa ne. In za ka faɗi magana mai nauyi, ka dubi ƙwayar kyamarar, amma kada ka ƙura mata ido, kuma kada ka shagala da kallon ɗan hotonka na gefe kana gyara hula. In ita ba ta dube ka ba, tarbiyya ce, kada ka ce mata ta ɗago kai, kada ka ce ta matso ko ta miƙe ka gan ta, kada ka nemi ta zagaya da kai gidansu. In hoto ya tsaya cak ko aka ɗauke musu wuta, kada ka yi ta jera kira. Ka rubuta mata cewa sabis ya yanke, za ka sake gwadawa sau ɗaya, in bai yi ba ku ƙarasa da murya kawai. Hotonta kuwa, kada ka ɗauka daga allo, kada ka naɗi kiran, ko da don ka nuna wa mahaifiyarka ne. Ba lallai ta sani ba, kuma rashin saninta ne ya sa abin ya zama amana a wuyanka. In ana son hoto, a nema ta hannun gwaggonka.

Ƙarshen hira kuma kai ne za ka ɗauki nauyinsa, domin da wuya yarinya mai kunya ta ce maka ta gaji, za ta yi ta zama ne tana duban ƙofa, ga datarta tana ƙarewa, ga aiki yana jiranta. Idan lokacin da kuka yi alkawari ya kusa cika, ko da hira ta yi daɗi, ka ce mata, “Na ga lokacin da na roƙa ya yi, kada in riƙe ki. Na gode ƙwarai da kika ba ni wannan dama.” Ka ambaci abu ɗaya da ta faɗa wanda ya tsaya maka a rai, don ta san ka saurara. Ka ba ta saƙon gaisuwa ga Mama da Baba. In kana son a sake, ka tambaya a fili ko za ta yarda ku ƙara magana Asabar mai zuwa, ka kuma ce ba sai ta amsa yanzu ba, domin ta sami damar shawara da na gaba da ita. Bayan sallama ka dakata kaɗan, ka bar ta ta kashe, saboda jinkirin nan na iya sa ka yanke mata kalmar ƙarshe, kuma ka riƙe fuskarka da bakinka har sai ka tabbata kiran ya mutu.

Daga nan saƙo ɗaya gajere na godiya ya isa a wannan rana. In zuciyarka ta kwanta, ka yi istihara, ka sanar da gwaggonka ta kai magana gaba. In kuma ba ta kwanta ba, kada ka ɓace ka bar yarinya tana duba waya, iyayenta suna tambayarta ba ta da amsa. Cikin kwana biyu ko uku ka gaya wa gwaggonka gaskiya ba tare da ka aibata ƴar mutane ba, ita ta san yadda za ta isar da saƙon a gidansu cikin mutunci. Abin da kuka tattauna kuma ya tsaya a tsakaninku.